Ruwan da ke Cikin Gangare

Da sanyin safiyar Litinin, 14 ga Agusta 2017, wani ɓangare na tsaunin Sugar Loaf da ke bayan birnin Freetown na ƙasar Saliyo ya ɓalle ya rufta wa unguwar Regent. Ƙasa da duwatsu da itatuwa suka gangaro cikin kwarin Babadorie, suka tarar da rafin ya cika ya batse, suka gauraya da shi suka zama taɓo mai gudu. Taɓon bai tsaya ba sai da ya yi tafiyar kimanin kilomita 6, ya ratsa unguwanni har Lumley a bakin teku. Mutum 1,141 aka lissafa sun mutu ko sun ɓace. Da yawa daga cikinsu ba a gindin tsaunin suke ba ma, suna can ƙasa a bakin rafi, inda ba su ga abin da ya taso ba sai da ya iso.

An kwana uku ana ruwa kafin ranar, wannan kowa ya faɗa. Abin da ba a cika ambata ba shi ne ruwan da ya riga ya sauka kafin kwana ukun. Daga 1 ga Yuli zuwa ranar da abin ya faru an auna sama da milimita 1,000 a yankin, wanda ya ninka abin da aka saba gani a wannan tsakani kusan sau uku. Wato ruwan kwana ukun ya sauka ne a kan tsaunin da ya riga ya ƙoshi. Dutsen da ke ƙarƙashin Sugar Loaf yana da tsage-tsage da suka kwanta daidai da gangaren, kuma shekaru aru-aru na zafi da damina sun ruɓar da samansa ya koma jar ƙasa. Ruwa ya bi ta cikin ƙasar ya cika tsagogin, sai abin da ke sama ya sulale a kan abin da ke ƙasa.

Mutum idan ya ji an ce ruwa ya zaftare ƙasa, abin da yake zuwa masa a rai shi ne ruwa mai gudu yana cin ƙasa yana tafiya da ita. Wannan zaizaya ce, kuma mun san ta, ita ce take haƙa kwazazzabai a gonaki da bayan gari. Zaftarewa daban take. A zaizaya ruwan da ake gani ne yake ɓarna, yana ɗiban ƙasa kaɗan-kaɗan daga sama. A zaftarewa ruwan da ba a gani ne, wanda ya nutse ya zauna a cikin gangaren, yake kwance ƙasar daga ƙarƙashi har ta taho gaba ɗaya, da bishiyoyinta da gidajen da ke kanta. Wanda ya riƙe wannan bambancin zai gane dalilin da ya sa gangare yake iya ɓallewa bayan an ɗauke ruwa, har rana ta fito, kuma zai gane me ya sa yawancin maganin abin aikin magudanar ruwa ne.

Lissafin gangare ɗaya

Abin da yake riƙe ƙasa a kan gangare shi ne gogayya. Ƙwayoyin ƙasa suna danne juna da nauyinsu, kuma gwargwadon dannewar gwargwadon wuyar zamewa. Nauyin nan dai shi ne kuma yake jan ƙasar zuwa gindin tudu. Injiniyoyi sukan raba ƙarfin riƙewa da ƙarfin ja, su sami lamba ɗaya. In lambar ta haura 1, gangaren yana tsaye. In ta sauko ta kai 1, ya kama hanya.

Bari mu ɗauki gangare mai sauƙin lissafi. Ƙasa ce mai kaurin mita 2 a kan fa, wato dutse shimfiɗaɗɗe da ruwa ba ya ratsa shi. Idan aka zuba irin wannan ƙasar busasshiya aka tara ta, tulin zai tsaya a karkace da kimanin digiri 35, ma'ana a duk mita 10 da aka tafi a kwance yana hawa mita 7. Iyakar abin da gogayyarta za ta iya ke nan. Gangaren namu kuwa digiri 25 ne, a duk mita 10 yana hawa mita 4.7. Aka raba 7 da 4.7 an sami kusan 1.5. A rani wannan gangaren yana da rarar ƙarfi, rabin abin da yake buƙata, kuma mutum zai iya gina gida a kansa ya shekara goma bai ga komai ba.

Sai damina ta zo. Ruwa ya nutsa, ya tarar da fa, ya rasa hanyar wucewa, ya fara taruwa daga ƙasa yana hawa. Duk wanda ya taɓa ɗaga dutse a cikin rafi ya san ya fi sauƙin ɗauka a cikin ruwa, sai an fito da shi nauyinsa yake dawowa. Haka yake faruwa da kowace ƙwayar ƙasa da ruwa ya kewaye: ruwan ya ɗauke wani ɓangare na nauyinta, ba ta ƙara danne ta ƙasanta kamar da. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyin kusan tan 2 a kowace mita kubik, ruwa kuma tan 1. Saboda haka idan ruwa ya cika ƙasar har sama, dannewar ta ragu da rabi, gogayya ma ta ragu da rabi. Ƙarfin ja kuwa bai ragu ba ko kaɗan, domin ƙasar da ruwan duka suna nan a kan gangaren suna neman gangarawa. Lambar da take 1.5 ta koma 0.75.

Ba sai ruwan ya kai sama ba ma. In ya cika rabin kaurin ƙasar, mita 1, lambar tana wajen 1.1, gangaren yana tsaye amma da ƙyar. In ya kai kashi biyu cikin uku, wato kimanin mita 1.3, lambar ta sauka 1. A saman ƙasa ba lallai a ga komai ba, tunda akwai sauran santimita 70 tsakanin ruwan da tafin ƙafar mai tafiya.

To ruwan sama nawa ake buƙata kafin a kai nan? Ya danganta da yawan gurbin da ya rage a cikin ƙasar. A farkon damina, ƙasa tana da ƙishi, a ce kashi 25 cikin 100 na cikinta iska ce. Kafin a cika mita 1.3 sai an zuba kimanin milimita 330, kuma da wuya a sami haka a tashi ɗaya. A tsakiyar marka, bayan makonni ana yi, gurbin da ya rage bai fi kashi 10 ba. Yanzu milimita 130 sun isa, kuma wannan ruwan kwana biyu ne a wurare irin Freetown ko tsaunukan yammacin Kamaru. Ruwan da ya sauka a watan Mayu bai yi komai ba, irinsa sak ya sauka a Agusta ko Oktoba ya kwashe unguwa. A Gouache, wata unguwa a gefen tudu a Bafoussam, a ƙarshen Oktoban 2019 ne ƙasa ta rufta wa gidaje cikin dare ta kashe mutum sama da 40, yawancinsu yara, a daidai lokacin da daminar yankin take ƙarewa.

Wannan lissafin na sauƙaƙa shi da gangan. Na bar danƙon yumɓu da riƙon saiwoyi, waɗanda suke ƙara wa gangare ƙarfi, na kuma ɗauka ruwan sama ne kawai yake faɗowa kai tsaye, alhali a zahiri ruwa yana gangarowa ta ƙarƙashi daga sama ya taru a inda tudu ya yi lungu kamar kwari. Shi ya sa irin wannan lungun ya fi ƙirjin tudu haɗari ko da karkatarsu ɗaya ce. Akwai kuma maganar lokaci. Yashi yana shan ruwa nan take, ya kuma sake shi nan take, don haka gangaren yashi a cikin ruwan yake ɓallewa. Yumɓu yana sha a hankali, matsin ruwan yana iya ci gaba da hauhawa a can ƙasa kwanaki bayan sama ta washe. Mutanen da suka gudu da dare suka dawo da safe don sun ga an ɗauke, wani lokaci a mafi munin sa'a suke dawowa.

Ruwa shi ne yake tayar da abin, amma sau da yawa hannun mutum ne ya rage rarar tun kafin damina. Mai gini a gangare yana buƙatar fili shimfiɗaɗɗe, sai ya sare tudun ta baya ya yi bango a tsaye, ya tura ƙasar da ya haƙo ta gaba ya cike. Ya yi ɓarna biyu ke nan. Ta baya ya cire gindin da yake tokare da ƙasar sama. Ta gaba ya ɗora nauyi a kan gangaren ƙasa, kuma da ƙasa sakakkiya wadda ba a daddanne ba, mai shan ruwa fiye da ta asali. Bangon da ya sare zai tsaya cak a rani, har ya ba shi tabbacin ƙasar mai ƙarfi ce. Abin da yake riƙe ta ɗan danshi ne da yake manne ƙwayoyin da juna, kuma da zarar ta jiƙe sharkaf wannan mannewar ta tafi. Dalilin ke nan da ramukan haƙar ƙasar gini da na yashi suke ruftawa da mutane da damina a ƙasar Hausa, inda babu wani tsauni a kusa. A gangaren kuwa, maƙwabci na sama ya sare ya cike, na samansa ma ya yi, kowa ya haƙa salga ya kuma saki ruwan wanka da na rufi a bayan gida. Sare daji ma yana da nasa jinkirin: saiwoyin bishiyar da aka sare ba sa mutuwa ranar, sukan ɗauki 'yan shekaru suna ruɓewa, sannan su bar ramuka da ruwa zai bi. Sai a ga gangare ya ɓalle shekaru bayan sara, kowa ya manta da alaƙar.

Abin da gangare yake nunawa

Ƙasa mai kauri ba ta cika tafiya a tashi ɗaya ba tare da ta fara jan jiki ba. Alama ta farko takan fito a sama, inda ɓangaren da zai tafi yake rabuwa da wanda zai zauna. Tsaga ce mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, bakinta biyu suna kallon gindin tudu. A bambanta ta da darewar da yumɓu yake yi a rani, wadda take tafiya ko'ina kamar raga, take kuma rufewa in an yi ruwa. Tsagar zaftarewa doguwa ce, tana gicciye gangaren, da damina take buɗewa, kuma sau da yawa gefenta na ƙasa ya ɗan nutse ya bar matakala. A gindi kuma akasin haka ake gani: ƙasa tana kumbura, bango yana yin ciki, lambatu yana matsewa, kwalta tana tattarewa. In an ga tsaga a sama da kumburi a ƙasa a layi ɗaya, to an ga kai da ƙafar abu ɗaya ne, kuma duk abin da ke tsakaninsu yana tafiya.

A cikin gida, ƙofa ce take fara faɗa. Ƙofar da take rufuwa lafiya ta fara cijewa. Gaskiya ne katako yana kumbura da damina, amma ƙofar ƙarfe ba ta kumbura, kuma kumburin katako ba ya zuwa da tsaga a kusurwar taga wadda ta tafi a karkace. Matakala ta rabu da jikin gida, bututun ruwa a ƙarƙashin ƙasa ya tsinke ba dalili, turken lantarki ya karkata har waya ta yi tsauri a gefe ɗaya ta yi sako-sako a ɗayan. Bishiya tana ba da labari iri biyu. Wadda gindinta ya lanƙwashe sannan ta miƙe sama tana nuna ƙasar ta daɗe tana rarrafe shekara da shekaru. Wadda take a miƙe amma ta karkata gaba ɗayanta, wannan motsin na kwanan nan ne.

A ganina alamun ruwa sun fi waɗannan duka muhimmanci, kuma su aka fi rainawa, domin ba su yi kama da haɗari ba. Idon ruwa ya ɓullo a inda ba a taɓa ganinsa ba, yara suna murna: matsin ruwa ne a ciki ya hau har ya sami sabuwar mafita. Idon ruwan da aka sani da garau ya fara fitowa ja: ruwan yana kwaso ƙasa daga ciki, ko kuma wani abu ya motsa. Wanda ya fi ban tsoro shi ne idon ruwan da ya ƙafe kwatsam ana tsakiyar damina. Ruwan bai ƙare ba, hanyarsa ce ta toshe, yana taruwa a baya. Haka ma rafi: in ana tsuga ruwa a kan tsauni amma rafin da ke gangarowa ya ja baya ko ya tsaya, to wata ƙasa ta faɗa ta datse shi a sama, kuma irin wannan datsiyar ba ta daɗewa. Wanda yake bakin rafin ba shi da lokacin kwashe kaya. Ya hau gefe, ya nufi tudu a gicciye, kada ya bi kwarin yana gudu, domin taɓon ya fi shi sauri.

Ganin alama daban, isar da labarinta daban. A Aberfan da ke Wales, an yi shekaru ana jibge tarkacen ma'adinin kwal a kan gangare sama da ƙauyen, kuma tuli na bakwai an ɗora shi a kan idanun ruwa da suke a taswira tun da daɗewa. Tulin ya taɓa motsawa a 1963. Ranar 21 ga Oktoba 1966, bayan makonni ana ruwa, ma'aikatan da suka hau da sassafe suka tarar saman tulin ya nutse kimanin mita 3. Babu tarho a wurin, an cire shi saboda ana yawan sace wayarsa, sai da mutum ya sauka da ƙafa ya kai rahoto. Da misalin ƙarfe 9:15 tulin ya narke ya gangaro kan makarantar firamare ta Pantglas. Mutum 144 suka mutu, 116 yara ne.

Akwai awo mai sauƙi da kowa zai iya yi in tsaga ta bayyana. A kafa turaku biyu, ɗaya a sama da tsagar a ƙasa mai ƙarfi, ɗaya a ƙasa da ita, a buga ƙusa a kan kowanne, a riƙa auna tsakanin ƙusoshin safe da yamma ana rubutawa tare da ruwan da aka yi. A bango kuma a ja layi da fensir a gicciye tsagar a rubuta kwanan wata. Faɗin tsagar ba shi ne babban abin dubawa ba, saurin buɗewarta ne. Misali, ranar farko ta ƙaru da milimita 2, ta biyu 2, ta uku bayan an ɗauke ruwa 1. Wannan gangaren yana motsi da ruwa, yana lafawa in ya tsane, akwai lokacin kiran injiniya da gyaran magudana. Amma in an ga 2, sai 5, sai 12, sai 30, ko da sama ta washe, to ƙasar ta rasa riƙonta kuma kowane motsi yana ƙara raunana ta. Nan ba a jira awo na gaba, fita ake yi, har da maƙwabtan da ke ƙasa.

Sai dai wannan duka ya fi aiki a ƙasa mai kauri mai tafiya a hankali. Siririyar ƙasa a kan gangare mai tsauri, mita ɗaya ko biyu a kan fa, tana iya tashi daga tsaye zuwa gudu cikin daƙiƙoƙi, babu tsaga, babu ƙofar da ta cije. Iyakar gargaɗinta ƙarar karyewar itatuwa da rugugi. A irin wannan wuri ruwan saman kansa ne alama: in an yi makonni ana yi sannan aka shiga mamako na kwana biyu, mai ɗaki a jikin sararren tudu ya kwana wani wuri, ko aƙalla ya bar ɗakin da yake jingine da tudun.

Ba ruwa hanya

Tunda ruwan ciki ne matsalar, aikin iri biyu ne: a hana shi shiga, wanda ya shiga kuma a fitar da shi. Na farkon ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma a unguwa daga rufin gida yake farawa. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 50, yana zubo da lita 5,000, wato duro 25. In babu indararo da bututu, duk wannan yana sauka ne a siririn layi a gindin bango, daidai inda aka cike da sakakkiyar ƙasa. A ninka da gida hamsin. A tsibirin Saint Lucia, Malcolm Anderson da Elizabeth Holcombe sun fara wani shiri a 2004 mai suna MoSSaiC a unguwannin talakawa da ke kan gangare, kuma kusan duk aikinsa wannan ne: mazauna su nuna inda ruwa yake bi da inda yake tsatsowa, a zana taswira, a gina lambatu masu tare ruwa a gicciye, a sa wa gidaje indararo da tankuna, a haɗa ruwan wanka da na wanki da lambatun. Da guguwar Tomas ta zo a Oktoban 2010, ƙasa ta zaftare a wurare da dama a tsibirin, amma gangaren unguwannin da aka gama wa aikin sun tsaya.

Lambatun tare ruwa ana yin sa ne a sama da wurin da ake tsoro, a kan ƙasa mai ƙarfi, ya kama ruwan da yake gangarowa ya kai shi gefe zuwa rafi ko babbar kwata. Kurakurai uku ne suke mai da shi abin cutarwa. In ba a shafe cikinsa da kankare ko dutse da siminti ba, ya zama rami mai shayar da gangaren daga ka, daidai inda tsaga take son buɗewa. In ba a ba shi isasshen gangara ba, ruwa ya kwanta a ciki. In kuma aka ƙare shi a tsakiyar tudu don kuɗi sun ƙare, an tattara ruwan fili mai faɗi an zuba shi wuri ɗaya, gara ma ba a fara ba. Lambatun da ya tsage shi ma haka, shi ya sa a kan ƙasar da take motsi ake fifita bututun roba mai lanƙwasa a bisa ƙasa, inda ido zai ga yoyonsa. Tsagar da ta riga ta buɗe a cike ta da yumɓu a daddanne, ko a rufe da leda mai kauri a danne bakinta na sama cikin ƙasa. Wannan ba ya tsayar da motsi, yana dai hana ruwa zuba kai tsaye zuwa inda ƙasar take zamewa. Rijiyar tsotse ruwan ƙazanta, wadda take daidai a fili, a kan gangare mai rauni allura ce ake yi wa tudun kullum.

Bangon tokare ƙasa ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan magina suka fi yin asara. Bango mai tsayin mita 2 da busasshiyar ƙasa a bayansa yana ɗauke da turin kimanin tan 1.2 a kowace mita ta tsawonsa. In ruwa ya cika bayan, ruwan kaɗai yana turi da tan 2, ƙasar da ke cikinsa ta ƙara kusan 0.7, jimla kusan tan 2.7. Ya ninka fiye da sau biyu, kuma bangon bulo da aka yi wa filasta mai kyau ba shi da inda zai saki wannan ruwan, ya zama madatsa. Maganin ba ƙarin siminti ba ne. A bar ramukan tsiyaya, bututu mai faɗin milimita 75 zuwa 100, a jere kusa da gindi, tsakaninsu mita ɗaya zuwa biyu. A bayan bangon a zuba tsakuwa mai kaurin kamar santimita 30 tun daga ƙasa har kusa da sama, a raba ta da ƙasar da yadin tacewa ko yashi mai gauri don kada laka ta toshe ta, a rufe samanta da yumɓu. Bayan ruwa mai yawa a je a duba. Ramin da yake zubar da ruwa garau yana aikinsa. Wanda yake zubar da ja yana kwashe ƙasar baya. In duka a bushe suke alhali bangon yana gumi, sun toshe. Na sha ganin masu gida sun liƙe ramukan da siminti don ruwan yana ɓata musu fenti. Kejin waya da ake cikawa da duwatsu ba shi da kyan gani, amma ya fi bulo dacewa da irin wannan wuri, domin ruwa yana ratsa shi kuma yana iya lanƙwasawa ba tare da ya karye ba.

Ruwan da ya riga ya nutse ana fitar da shi da rami mai tsakuwa: a haƙa, a shimfiɗa yadin tacewa, a kwantar da bututu mai huji-huji, a cike da tsakuwa, a kai bakinsa inda zai zubar lafiya. A wurin da ake tsoro, ramin ya bi gangaren daga sama zuwa ƙasa, kuma a yi shi da rani, gaɓa-gaɓa, ana cikewa kafin a ci gaba. Dogon rami a buɗe a gicciye gindin tudu da damina shi kansa sara ne, yana iya jawo abin da ake gudu. A koma ga gangarenmu na lissafi: ba a buƙatar busar da shi. In magudanar ta hana ruwan wuce rabin mita daga fa, lambar ba za ta sauka ƙasa da 1.3 ba.

In ruwan yana da zurfi, sai injin haƙa. Ana huda tudun daga gindi, a kwance amma da ɗan ɗagawa sama, a zura bututu mai huji na tsawon mita gommai, ruwan ya riƙa fitowa da kansa. Hong Kong ta koyi wannan da tsada. Ranar 18 ga Yuni 1972 ƙasa ta zaftare a Sau Mau Ping ta kashe mutum 71, da daren ranar kuma ta zaftare a titin Po Shan ta rushe dogon bene ta kashe 67. Bayan wata zaftarewar a Sau Mau Ping a 1976, gwamnati ta kafa ofishi na musamman a 1977 mai kula da gangare, aka yi wa dubban gangaren da mutum ya sare ko ya cike rajista, kowanne da lambarsa da wanda alhakin gyaransa yake kansa. A tudun Po Shan an huda irin waɗannan bututun a shekarun 1980. Da aka ga aikinsu yana raguwa da tsufa, sai aka haƙa hanyoyi biyu a cikin dutsen da ke ƙarƙashi, aka huda bututu daga cikinsu zuwa sama don su riƙa tsiyaye ruwan.

Shuka tana taimakawa, amma a san iyakarta. Jema, in aka dasa ta a layi a gicciye gangare, saiwoyinta suna nutsawa mita biyu ko fiye, suna ɗinke ƙasar sama, kuma tana rage gudun ruwa. Ayaba akasin haka ce: saiwarta gajeriya, jikinta nauyi, gindinta kullum a jiƙe. Ko jema ko bishiya, ba abin da za su yi wa zamewar da take mita goma a ƙarƙashi, da su za ta tafi. Haka ma lambatu da indararo ba za su tsare tsauni irin Sugar Loaf ba, inda ruwan yake cikin tsagogin dutse a can sama da gidaje. A irin wannan wuri, da kuma bakin kwarin da taɓo zai bi in tudu ya ɓalle, aikin da ya rage shi ne na taswira da hukuma: a gano tsofaffin tabban zaftarewa, waɗanda ake gane su da lungu mai kamar kujera a jikin tudu da tulin manyan duwatsu a gindinsa, a hana gini a ƙarƙashinsu, a kuma samar wa waɗanda suke can wani filin da za su iya biya.